Littafin aiki: rubutun bidiyon rigakafin yara domin mutanen karkara

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau muka fara zama a Agege, mu huɗu: ni da nake rubutun, da wata ma'aikaciyar jinya da ta shekara goma sha wani abu tana yi wa yara rigakafi, da mai ɗaukar hoto, da wata Hajiya mai koyar da matan aure a Islamiyya, wadda ita ce za ta riƙa tara mana matan da za mu gwada rubutun a kansu. Abin da muka sa a gaba shi ne gajeren bidiyo na Hausa wanda zai bi wayoyin 'yan ci-rani da 'yan kasuwa daga nan Legas zuwa ƙauyukansu, domin kusan kowane mai dako ko mai sayar da albasa da muka sani yana da iyali a gida, kuma abin da ya shiga wayarsa yakan isa hannun matarsa ko mahaifiyarsa, ko ta hanyar turawa ko ta katin waya idan ya je ganin gida.

Mun daɗe muna muhawara a kan abin da bidiyon zai nema daga mai kallo. Mai ɗaukar hoto yana son a taɓo komai, daga shan inna har zuwa allurar 'yan mata ta kariya daga kansar bakin mahaifa da aka fara a 2023. Ma'aikaciyar jinya ta ce abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya ba uwar da ba ta taɓa zuwa ba ce, uwar da ta zo sau ɗaya ko sau biyu sannan ta ɗauke ƙafa ce, domin ita ta riga ta amince, wani abu ne ya mayar da ita. Na goyi bayanta. Saboda haka muka tsayar da magana ɗaya: a kai yaro, kuma a ci gaba da komawa har a kammala. Duk jimlar da ba ta taimaka wa wannan ba za ta fita daga rubutun, ko da gaskiya ce kuma tana da daɗin ji.

Mun kuma ƙulla wani sharaɗi tun yanzu, cewa babu wani bayani da za a ɗora wa rubutun da ke kan allo. Wanda ba ya karatu ya fahimci komai da kunne da ido, kuma wadda take daka ko girki tana jin sautin kawai ita ma ta fahimta.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun zauna da katin rigakafi na gaske a gabanmu, muka bi jadawalin da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa take aiki da shi, layi bayan layi. Idan aka ƙirga allurai da ɗigo ɗaya bayan ɗaya sun haura goma sha biyar, kuma babu uwar da za ta riƙe wannan lissafi a ka. Amma idan aka ƙirga zuwa asibiti, sai abin ya dawo shida: da haihuwa, da sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu, da wata tara, da wata goma sha biyar. Biyar na farko duk suna cikin shekarar farko, wato yatsun hannu guda, na shida kuma yatsa ɗaya ne a ɗaya hannun. Wannan shi ne ƙashin bayan rubutun.

Da haihuwa ana yin allurar tarin fuka a dantse, da allurar ciwon hanta, da ɗigon shan inna. Ta ciwon hanta ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24 na farko, domin tana tare cutar da jariri kan iya ɗauka daga mahaifiyarsa wajen haihuwa. A nan muka ci karo da al'ada, saboda mai jego ba ta fita, kuma gidaje da yawa sun fi son a bari sai bayan suna. Ba za mu ce mai jego ta fita ba. Za mu nuna kaka ce ta rungumi jaririn, an lulluɓe shi da zane, ta kai shi washegarin haihuwa.

Zuwa na biyu ya zo mana da sauƙi, domin sati shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in, lokacin da mai jego take gama wanka ta fara fita. Babu matar karkara da za ta manta ranar arba'in ɗinta. A wannan zuwan ne ake fara allurar cinya mai kariya biyar, wadda aka rubuta `Penta` a kan kati, tana kare mashaƙo da tarin shiƙa da cutar sarƙewar haƙora da ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Tare da ita akwai allurar ciwon huhu, da ta shan inna, da ɗigon gudawa da aka shigar cikin jadawali a 2022. Sau uku ake yin ta cinya, kuma tazarar da ke tsakanin ɗaya da ɗaya ba ta gaza sati huɗu ba.

Domin mu tabbatar da lissafin, muka ɗauki jaririn da aka haifa ranar Juma'a 3 ga Janairun nan. Zuwansa na biyu zai kama 14 ga Fabrairu, na uku 14 ga Maris, wanda bisa lissafi tsakiyar azumi ne, na huɗu 11 ga Afrilu, bayan ƙaramar Sallah. Daga nan sai dogon shiru har 3 ga Oktoba, ranar da zai cika wata tara a yi masa ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau, sannan 3 ga Afrilun 2026 a maimaita ta ƙyanda. Da muka shimfiɗa ranakun haka sai muka ga wurare biyu da ƙafa take ɗaukewa: bayan allurar cinya ta farko, da kuma wannan tazara ta kusan wata shida wadda damina da aikin gona suke cinyewa.

Akwai wani ƙaramin abu da Hajiya ta lura da shi wanda ni ban kawo a raina ba. Matan karkara da watan sama suke ƙirga, kuma wata tara na sama kwana 266 ne ko kusa da haka, alhali daga 3 ga Janairu zuwa 3 ga Oktoba kwana 273 ne. Uwar da ta bi watan sama za ta iya zuwa da saura sati guda, a ce mata ta koma ta dawo, kuma wadda ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa aka mayar da ita hannu rabbana ba lallai ta sake dawowa ba. Shi ya sa rubutun zai ce ta bari watan taran ya cika sosai, ta ƙara sati ɗaya a kai.

Laraba, 15 ga Janairu

Yau aikin kalmomi kawai na yi. Kalmar rigakafi ita kanta tana da matsala, domin a ƙauyuka da yawa idan aka ce 'yan rigakafi, ana nufin masu bin gida gida suna ɗiga maganin shan inna, su shafa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango. Uwar da aka ɗiga wa ɗanta sau biyar a ƙofar gida tana da hujjar cewa an yi masa rigakafi, alhali ba a taɓa yi masa ta ƙyanda ba. Saboda haka a ko'ina cikin rubutun zan ce ɗigon ƙofar gida, in ce allurar asibiti, in bambanta su a sarari.

Kalmar shawara ma na cire ta daga bakin 'yan wasa, saboda a kunne tana iya zama shawarar da ake bayarwa, tana iya zama rawayar idon jarirai, kuma jimlar da ta ce a kai shi a yi masa ta shawara za ta rikita mai ji. Ƙyanda kaɗai za a ambata a zuwa na biyar, domin ita ce cutar da kowace kaka ta gani da idonta. Karin maganar nan ta rigakafi ya fi magani ita ma na ajiye ta, ba don ba gaskiya ba ce, sai don kowa ya san ta kuma ba ta gaya wa kowa ranar da zai je.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaji na farko, kuma bai yi kyau ba. Hajiya ta tara mata tara a tsakar gidanta, dukkansu ba su fi shekara biyu da zuwa Legas ba, wasu daga ƙasar Katsina, wasu daga Jigawa, ɗaya daga Zamfara. Tun da ba mu ɗauki bidiyo ba tukuna, sai muka jera hotuna goma sha biyu a waya, na karanta rubutun a kai, sau ɗaya kacal, kamar yadda za su ga bidiyon. Bayan nan ban tambaye su ko sun fahimta ba, domin kowa zai ce ya fahimta don kara. Kowace mace Hajiya ta ja ta gefe ita kaɗai ta ce, “Da maƙwabciyarki ba ta zo ba, me za ki ce mata an faɗa?” Ni kuma ina rubuta amsar kamar yadda ta fito.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali nawa ne. A daftarin na jera hoton yaron da ake yi wa allura, sai hoton wani yaro da ƙyanda ta feso masa, da nufin a ga abin da allurar take karewa. Mata huɗu cikin tara sun ɗauka yaro ɗaya ne, kuma allurar ce ta fito masa da ƙuraje. Wata ta ce, “Hajiya, ai sun nuna da aka yi masa sai jikinsa ya feso, amma wai kada a damu.” Ba laifinta ba ne ko kaɗan, domin wanda bai saba da yankan hoto ba yana ɗaukar abin da ya biyo baya a matsayin sakamakon abin da ya gabata, kuma haka hankali yake aiki. Da wannan bidiyon ya fita a haka, da mun yi ɓarnar da ta fi gyaran da muke nema. Na cire hoton yaro marar lafiya gaba ɗaya. Ƙyanda za ta zo a bakin kaka ne kawai, tana tuna wata shekara da ta shiga garinsu, ba tare da an nuna kowa ba.

Hoton kalanda mai da'ira a kan ranaku bai yi aikin komai ba, babu wadda ta ambace shi. Hoton tsinin allura da aka kusanto da shi har ya cika allo ya sa biyu suka kau da kai, kuma abin da aka faɗa a daidai lokacin ya wuce su. Za a ɗauki wannan wurin daga nesa, fuskar uwa da hannunta a bayan yaron su ne a gaba.

Sai maganar ƙirga. Na rubuta cewa bayan allurar farko a ƙirga Juma'a huɗu a koma, ina ganin na samo dabara. Mata biyar suka fahimci cewa ranar Juma'a ake zuwa asibiti. Wannan haɗari ne na gaske, domin ƙananan asibitoci da yawa suna da ranar rigakafinsu a mako, kuma akwai dalili. Kwalbar allurar tarin fuka ta yara ashirin ce, ta ƙyanda galibi ta yara goma, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, abin da ya rage bayan awa shida zubar da shi ake yi, don haka ma'aikata sukan tara yara a rana ɗaya. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ce ta warware mana, ta ce, “Malam, ka ce kawai ranar da aka yi masa, a ƙirga irinta huɗu. In Talata ce, Talata ta huɗu.” Wannan ya ba da kwana 28 cif, kuma ya faɗa a kan ranar da asibitin yake yi. Na karɓa ba tare da na sauya ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya tsira daga gwajin shi ne yatsu. Bakwai cikin tara sun ɗaga hannu sun nuna biyar da ɗaya ba tare da an tambaye su ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Makon nan duka a kan zazzaɓi ya tafi. A daftarin farko na tsallake shi, ina tsoron kada in firgita mutane. Ma'aikaciyar jinya ta ce wannan shirun shi ne yake korar iyaye: an ce musu allura lafiya ce, sun kai yaro lafiyayye, da dare jikinsa ya yi zafi, cinya ta kumbura, ya kwana yana kuka, maigida ya ce ba za a sake kai shi ba. Wanda aka gaya wa tun da farko cewa hakan na iya faruwa, idan ya faru sai amanarsa ta ƙaru, wanda kuma aka ɓoye masa sai ya ga an yaudare shi. Allurar cinya takan kawo zazzaɓi da ɗan kumburi na kwana ɗaya ko biyu, kuma dole bidiyon ya faɗi haka da bakinsa.

Ga yadda wurin ya tsaya bayan gyara na uku. Dare ne, fitila tana ci, uwa tana jijjiga yaro, surukarta ta ɗaga labule ta shigo.

Uwa: “Inna, jikinsa ya yi zafi tun magariba.”

Kaka: “Ba yau aka yi masa ta cinya ba? Ai malamar asibiti ta faɗa. Kwana ɗaya ne ko biyu. Rage masa kaya, ki ba shi nono sosai.”

Uwa: “In gasa masa wurin?”

Kaka: “A'a, kada ki gasa, kada ki murza. Tsumma mai tsabta da ruwa mai sanyi za ki ɗora. Maganin zazzaɓin da ta ba ki, ki ba shi daidai yadda ta nuna miki.”

Uwa: “In bai sauka ba fa?”

Kaka: “In ya wuce kwana biyu, mu koma. In kuwa ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya sauya, ba ma jiran gari ya waye.”

Mun yi gardama a kan ko a ambaci sunan maganin da yawansa. Na so a ambata, ma'aikaciyar jinya ta ƙi, kuma hujjarta ta fi tawa ƙarfi: yawan farasitamol da ake ba jariri ya danganta da nauyinsa, kuma cokalin gida ba ma'auni ba ne, saboda haka duk adadin da bidiyo ya faɗa zai yi wa wani yaron yawa. Alamomin haɗari kuma mun tsaya a kan uku, ko da yake sun fi haka, domin uku ne abin da muka ga ana iya maimaitawa bayan ji ɗaya.

Na ƙara jimla guda a kan allurar dantse, saboda bayan wasu makonni wurin yakan yi ɗan ƙurji ya fashe ya warke ya bar tabo, kuma iyaye sukan matse shi ko su shafa masa magani. Kaka za ta nuna tabon da ke dantsen babban jikanta ta ce a bar shi, da kansa yake warkewa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau maza muka nema. Mun je kasuwar Mil 12 da yamma, lokacin da aka gama sauke kaya, muka zauna da mutum goma sha ɗaya a rumfar wani mai shayi. Abin da na koya a nan ya sauya farkon bidiyon baki ɗaya. Yawancinsu sukan yi wata huɗu ko biyar ba su je gida ba, kuma matansu ba sa fita sai da izini. Wani ya ce shi bai taɓa hanawa ba, amma kuma ba a taɓa tambayarsa ba, domin matarsa tana jin nauyin ta kira shi a kan abin da take ganin ƙarami ne, ga kuma kuɗin babur zuwa asibiti da dawowa. Allurar kyauta ce a asibitin gwamnati, amma hanyar ba kyauta ba ce.

Don haka yanzu bidiyon zai buɗe da mutum a bakin motar albasa yana waya da gida. Zai ce, “Na ba ki izini tun daga yau har a gama, duka shidan, ba sai kin sake tambayata ba. Kuɗin babur kuma zan turo ta hannun Yaya.” Izini ɗaya da ya rufe zuwa shida shi ne abin da muke so maigida ya kwaikwaya, kuma abu ne da zai iya yi a daren da ya kalli bidiyon.

Wani dattijo a cikinsu ya yi mini tambayar da na san za ta zo. Ya ce, “Malam, abin da ya faru a Kano fa?” Yana nufin gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da kuma dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa. Na amsa masa da abin da na sani: na 1996 ya faru, kuma gwajin maganin warkarwa ne a kan yaran da suka riga suka kamu, ba rigakafi ba ne. Na 2003 kuma an koma yi a 2004, a tsakanin nan cutar ta bazu har zuwa wasu ƙasashe, kuma da wannan ɗigon aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016. Ya saurara da kyau, ya ce zai yi tunani.

A hanyar komawa mun tattauna ko a sa wannan a bidiyon, muka yanke cewa ba za a sa ba. Tambayar tana da nauyi, kuma ta cancanci zama irin wanda muka yi da shi, inda mutum zai tambaya a amsa masa. A cikin daƙiƙa goma sha biyar ba abin da za mu iya sai ambaton zargin, kuma gwajin ranar 18 ya nuna mini cewa mai ji sau ɗaya yakan riƙe abin da ya fi ba shi tsoro ya saki bayanin da ya biyo baya. Abin da muka yi a madadinsa shi ne kakar da ke cikin bidiyon za a gan ta da jikoki da yawa a tsakar gida, manya da ƙanana, kuma a ji ta ce duk an yi musu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na karanta rubutun da agogo a hannu, ya kai minti huɗu da rabi, ya yi tsawo ga wayar da ba ta da wuri da kuma mai sayen data kaɗan kaɗan. Na rage shi zuwa minti uku ta hanyar cire jerin sunayen cututtuka da gaisuwar farko, amma ban yarda a ƙara saurin magana ba. Mai ɗaukar hoto ya amince a ɗauka a tsaye saboda waya, kuma ba za a sa kiɗa a ƙarƙashin magana ba, domin lasifikar ƙaramar waya tana haɗe su. Wurin ɗauka shi ne bai samu ba tukuna. Gidan bulo mai tayil na Agege ba zai yi kama da gidan mai kallo ba, kuma wadda ta ga gidan da ba irin nata ba za ta ɗauka maganar ta 'yan birni ce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwaji na biyu, da mata takwas sababbi waɗanda ba su ji na farko ba, a wani gida a Idi-Araba. Wannan karon da muryoyi uku muka karanta, Hajiya ta zama kaka. Dukkansu sun faɗi shida. Bakwai sun faɗi arba'in da kuma ƙirga rana irinta huɗu. Shida sun kawo alamomin haɗari uku cikakku, sauran biyun sun manta numfashi. Babu wadda ta ce allura tana kawo ƙuraje.

Wuri biyu ne suka rage da rauni. Na farko, zuwa na shida: uku sun ɗauka na wanda bai samu ta wata tara ba ne. Dalilin maimaitawar shi ne allurar ƙyanda da aka yi a wata tara tana kama kusan yara 85 cikin 100, domin a jikin wasu akwai sauran kariyar da suka samo daga uwa wadda take hana allurar aiki, ta biyun ce take kamo waɗanda suka rage, kuma ba a iya gane su da ido. Ba za mu faɗi adadi ba. Na gwada wannan jimlar a wurin, daga bakin kaka: “Ta ƙyanda sau biyu ce ga kowane yaro, kamar shuka ce, wani ramin ba ya fitowa sai an yi ƙari.” Matan suka gyaɗa kai, ɗaya ta maimaita ta daidai bayan kusan rabin awa, don haka ta shiga rubutun.

Na biyu ya fito ne daga tambayar wata matashiya mai goyo, wadda ta yi ƙasa da murya ta ce ɗanta ya sha ta cinya sau ɗaya a gida kafin su taho, yanzu wata biyar ke nan, kuma tana jin kunyar zuwa kada a yi mata faɗa ko a ce sai an sake daga farko. Ma'aikaciyar jinya ta ce mata ba a sakewa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma ɗan mura ko tari marar tsanani ba ya hana a yi. Ta duba katin, wanda matar ta ciro daga cikin leda a ƙasan jakarta, ta gaya mata ta je a makon nan. Rubutunmu bai ce komai ba a kan wanda ya makara, alhali su ne mutanen da muka ce domin su muke aikin tun ranar farko. Na ƙara jimla biyu a ƙarshe: wadda ta makara ta je da katinta a ɗora mata daga inda ta tsaya, kuma kafin ta tashi ta tambayi ranar dawowa.

Wannan tambayar ta ranar dawowa ita ce kuma za ta ɗauke mana abin da yatsu shida ba su ƙunsa ba, kamar ɗigon bitamin da ake fara bayarwa a wata shida, da allurar zazzaɓin cizon sauro da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, wadda take da nata ranakun. Mai kallo daga Kebbi zai ji ƙarin ranaku a asibiti, don haka kaka ba za ta ce shida ne kawai ba, za ta ce shidan nan kada a bari ko ɗaya ya wuce.

Daftari na biyar yana hannun ma'aikaciyar jinya, za ta kai wa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ya duba ranakun da kalmomin kafin a ɗauki komai. Wani mai sayar da shanu ya yi mana alkawarin wani gida mai dangar kara a bayan gari, za mu je mu gani ranar Talata. Muna so a gama ɗauka kafin azumi, saboda bidiyon ya kasance a wayoyin mutane lokacin da za su tafi gida Sallah, wanda kuma shi ne lokacin zafi da ƙyanda ta fi yawo a Arewa. Har yanzu ba mu sami wadda za ta fito a matsayin kaka ba, domin Hajiya ta ce muryarta za ta bayar amma ba fuskarta ba.